Sakan Talatin na Shagon Yaya

Yayana mai gyaran waya ne. Shekara shida ke nan yana da ɗan shago a kasuwar 'yan waya, kuma kusan duk kuɗin rajistar da na biya tun shigowata makarantar nan daga kan teburinsa suka fito. A hutun da ya wuce na lura ya rage hira idan ya dawo gida. Da na matsa masa, sai ya ce layinsu ya cika da sababbin shaguna, wasu ma yaran da ya koya wa aiki ne suka buɗe, kuma akan yi yini guda bai karɓi waya uku ba. Wani mai ɗaukar bidiyo ya ce zai yi masa talla, amma kuɗin da ya yanka sun fi ƙarfinsa.

Na ce, "Yaya, to ni me nake karantawa? Ka bar mini."

Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Auta, kada dai ki sa a riƙa nuna ni a kasuwa."

Mun tsaya a kan sakan talatin, saboda a status ɗin WhatsApp zai fi yawo. Shekaru da dama iyakar abin da status ke ɗauka ke nan, kuma ko da aka ƙara tsawon, yatsan mutane bai ƙara haƙuri ba. A raina na ce aikin dare ɗaya ne. Mako biyu ya ci.

A daren farko na rubuta abin da kunnena ya saba ji a rediyo. Na fara da sallama da "albishirinku", na yi kiran ina masu wayoyi, na jero Tecno da Infinix da Itel da Samsung da iPhone, na faɗi cewa muna canja gilashi da batir da sifika, muna sayar da caja da abin sa wa kunne, na yabi ƙwarewa da rangwame da riƙon amana, na karanto lambar waya, na rufe da "sai kun zo". Ya yi mini daɗi sosai a takarda. Da safe na kunna agogon waya na karanta da ƙarfi, da irin saurin da mutum zai iya fahimta. Kalma 131, sakan 58.

Wannan lissafin shi ne abu na farko mai amfani da na samu. Idan ka raba, bakina yana fitar da kalma biyu da 'yan kai a kowane sakan. Ke nan sakan talatin ba zai ɗauki fiye da kalma sittin da takwas ba, shi ma idan ban numfasa ba tun daga farko har ƙarshe. In aka cire wurin numfashi da wurin da hoto zai yi aiki shi kaɗai, abin da ya rage bai wuce kalma hamsin zuwa hamsin da biyar ba. Kowa da saurin bakinsa, don haka wanda zai karanta tallar shi ya kamata a gwada, kuma da murya a fili, domin karatun zuci ya fi na baki sauri nesa ba kusa ba. Na gwada lambar waya ita kaɗai: lambobi sha ɗaya, "sifili, takwas, sifili" har ƙarshe, sakan bakwai suka ci. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tallar, a kan abin da ba wanda zai haddace daga ji ɗaya. Nan take na cire ta daga murya na bar wa rubutu.

Sai na shiga yanke-yanke. Na cire sallama, na cire caja, na cire sunayen wayoyi, har rubutun ya dawo kalma sittin. Ya shiga sakan talatin, amma da na karanta wa wata ƙawata da muke aji ɗaya sai ta ce, "To, wane shago ne ba ya faɗin haka?" Gaskiya ta faɗa. Da za a goge sunan Yaya a sa na maƙwabcinsa, ba kalma ɗaya da za ta zama ƙarya. Na gajarta magana ne kawai, ban san me nake son faɗa ba.

Don haka na ajiye biro na tafi shagon na zauna kwana biyu a kan bencin baya, ina kallo. A can na ga abin da ba ya cikin rubutuna. Mutum zai zo da waya a fashe, a yi ciniki, a daidaita, amma lokacin miƙa wayar sai hannunsa ya yi nauyi. Wani ya cire layi da memori, ya ƙara dubawa. Wani ya ce, "Ba za a iya yi yanzu ina tsaye ba?" Wata mata da aka ce ta bar wayar ta dawo da yamma ta faɗi lambar buɗewa, don a gwada sabon gilashi, sai ta ce bari ta je ta dawo. Ba ta dawo ba. Na tambayi Yaya, ya ce ai kullum haka ne: maza suna tsoron a musanya musu batir ko wani abu na asali da na banza, mata kuma hotunansu da saƙonninsu suke ji. Ni ma da na tuna, ko a hannun ɗan'uwana ba na son barin tawa a buɗe.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne Yaya ya daɗe yana maganin wannan tsoro ba tare da ya ɗauke shi abin faɗa ba. Ƙananan ayyuka a gaban mai waya yake yi, yana faɗin kuɗi kafin ya kwance komai, kuma yana sa tsohon gilashi ko batir a leda ya miƙa wa mai shi. Na ce, "Yaya, ai wannan ita ce tallar." Ya ce, "Wannan kuma ai aiki ne kawai." Daga nan jimlar da komai ya rataya a kanta ta fito: a gabanka za a gyara.

Ga yadda ake tsara takardar, ga wanda bai taɓa gani ba. Ana raba shafi gida biyu. Hagu na abin da ido zai gani ne, dama na abin da kunne zai ji, wato muryar mai bayani da sauran sauti. A gefe kuma a rubuta sakan nawa kowace fitowa za ta ci. Amfanin wannan rabon shi ne yana tona asirin maimaici. A rubutuna na farko na sa hoton fasasshiyar waya a hagu, a dama kuma murya tana cewa gilashi ya fashe, ya tsattsage, ba a ganin komai. Ido ya riga ya gani, me kunne zai ƙara? Dokar da na kafa wa kaina ita ce, duk abin da hoto zai iya nunawa, murya ta yi shiru a kansa, ta ajiye kalmominta don abin da kyamara ba ta iya ɗauka: tsoro, da alkawari, da batun kuɗi.

Ga rubutun ƙarshe. Na cire sunan shagon, kada a ce na mayar da mujallar ɗalibai allon talla.

Fitowa ta 1, sakan 0 zuwa 3. Waya ta suɓuce daga hannu ta faɗi a kan siminti, a matso kusa a ga gilashi ya tsage. Ƙarar faɗuwar kawai ake ji, babu murya.

Fitowa ta 2, sakan 3 zuwa 8. Hannu yana miƙa wayar a kan kantar shago, mai gyara ya kama, amma yatsun mai ita ba su saki ba. Murya: "Wayarka ta fashe, amma kana tsoron barinta a shago?"

Fitowa ta 3, sakan 8 zuwa 14. Mai gyara ya nuna benci kusa da teburin aiki. Mai waya ya zauna, ana ganinsa ta baya, teburin yana gabansa. Murya: "To, ba sai ka bar ta ba. Zauna, a gabanka za a gyara."

Fitowa ta 4, sakan 14 zuwa 21. Ɗauka uku ta kusa-kusa, kowace kamar sakan biyu: ana ɗaga tsohon gilashi, ana zaunar da sabon batir, ana soka caja alamar caji ta fito. Murya: "Gilashi, batir ko bakin caji: za ka ji kuɗin kafin a taɓa sukuru ɗaya."

Fitowa ta 5, sakan 21 zuwa 25. Waya ta kawo haske. Ana miƙa ta tare da leda mai ɗauke da tsohon gilashi. Murya: "Tsohon kayan ma, kai za ka tafi da shi."

Fitowa ta 6, sakan 25 zuwa 30. Gaban shagon da allonsa. A rubuce: suna, layi da lambar shago, lambar waya. Murya ta faɗi sunan shagon, sannan: "A gabanka za a gyara."

Duka-duka kalma 52, har da sunan shagon mai kalma biyu.

Fitowa ta biyu ita ce wadda na fi wahala a kanta, kuma ita na fi so. Tsoro ba shi da hoto. Da farko na rubuta a nuna fuskar mutum cikin damuwa, amma ba mu da ɗan wasa, kuma yaron shagon da muka gwada da shi dariya yake fashewa da ita duk sanda aka ce ya ɓata rai. Hannun da ya ƙi sakin waya kuwa kowa zai iya yi, kuma duk wanda ya taɓa kai gyara ya san wannan riƙon. Sakan ukun farko ma da gangan na bar su ba magana. Mai duba status yana dangwalawa ne yana wucewa, sallama ba ta tsayar da shi, amma ƙarar waya a kan siminti takan sa gaban mutum ya faɗi ko ba tasa ba ce. Matacciyar waya muka ɗauko daga kwalin Yaya, muka jefa ta sau biyar kafin ta faɗi cikin hoto.

A fitowa ta huɗu muka yi gardama. Ni na so a ce "cikin minti talatin", domin adadi yana zama a kai. Yaya ya ƙi. Ya ce canja gilashi kan iya ƙarewa a hakan idan yana da na irin wayar a shago, amma idan sai an aika yaro nema fa? Bakin caji kuma iri-iri ne: a wayoyi da yawa yana kan wani ɗan allo daban da ake cirewa a sa sabo, a wasu kuwa sai an narka dalma da iska mai zafi, in aka ɗauke wuta sai an tada janareto. Ya ce, "Ke za ki rubuta ki koma makaranta, ni za a zo a tsaya a kaina ana duba agogo." Na tuna a aji an koya mana cewa hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke sa ido a kan tallace-tallace a Najeriya, kuma da'awar da mai talla ba zai iya tsaya mata ba tana cikin abin da ake hanawa. Amma gaskiya ba hukuma ce ta sa na janye ba, hoton mutum tsaye a kan Yaya yana duba agogo ne.

Wannan dalilin ne kuma ya sa muka ambaci abu uku kacal. Wayar da ta faɗa ruwa, ko wadda injinta ya samu matsala, ba a gama ta a zama ɗaya. Sai an buɗe, an wanke, an busar, an gwada, wani lokacin ta kwana. Da mun ce "kowace irin matsala", alkawarin ya karye tun ranar farko.

Akwai wata matsala da ban taɓa tunaninta ba sai da na zo karantawa: Hausa ba ta barin ka yi magana da mutum ɗaya ba tare da ka zaɓi namiji ko mace ba. "Wayarka" ta bar mata a waje, alhali su ne suka fi jin tsoron nan. Na gwada "wayarku" da "a gabanku", sai ta koma sanarwar rediyo, kamar da taron jama'a ake, kusancin ya tafi. Ƙarshe muka yi kwafi biyu. Tunda hannu da baya kawai ake gani, sai muka ɗauki fitowa ta 1 da ta 2 da ta 3 da ta 5 sau biyu, ɗaya da yaron shago, ɗaya da ƙawata mai lalle a hannu, na kuma karanta muryar da "ka" da "ki". Bai ƙara mana ko awa ɗaya ba.

A tsaye muka riƙe wayar ɗauka, tunda a tsaye za a kalla. Muryar kuwa ba a kasuwa na naɗa ba, domin ƙarar janareto da kiɗan masu tura waƙa ba za su bari ba. A ɗaki na yi, bayan sallar isha'i, na kashe fanka na lulluɓa da bargo, gumi yana zuba. Muryar na fara ɗorawa a CapCut, sannan na yanka hotuna su bi ta, saboda hoto yana jure a rage masa rabin sakan, kalma kuwa in ka gutsure ta kowa zai ji. Na kuma rubuta maganar a kan hoton da manyan baƙaƙe, don masu kallo a aji ko a cikin mota da sauti a kashe. (Kun san kanku.) Rubutun a tsakiya na sa shi, domin can ƙasa wurin ba da amsa yana rufe shi. A fitowar ƙarshe na kunna bidiyon na ɗauki biro na gwada kwafe lambar. A sakan uku ban kai ƙarshe ba, shi ya sa ta samu biyar.

Yanzu ga inda na kusa jawo abin kunya. Ranar ɗauka, da muka zo fitowa ta biyar, ina son a ga waya ta gaske tana farfaɗowa. Akwai wadda Yaya ya gama sa wa gilashi, mai ita ya fita yin salla, sai na ce a kunna ta in ɗauka. Ta kawo haske tas, hoton ya yi kyau, na haɗa, na gama komai. Da daddare na tura wa Yaya, ya kalla sau biyu, sai ya kira ni.

Ya ce, "Auta, tsayar da shi a wajen da wayar ta kunnu. Me kike gani?"

Na tsayar. Hoton wata ƙaramar yarinya ne a fuskar wayar, 'yar mutumin, ga kuma saƙo ya shigo a sama, ana iya karanta sunan wanda ya aiko da rabin maganar. Bai fi sakan ɗaya da rabi ba. Na kalli wurin nan ya fi sau ashirin ina daidaita shi da murya, ban gani ba, saboda hankalina yana kan lokaci. Talla ce da ke cewa sirrinka ba zai fita ba, ga shi ta ɗauki sirrin wani za ta raba wa gari. Da ta fita, ba ni za a zaga ba.

Washegari muka sake ɗaukar fitowar da tsohuwar wayar shago, babu layi a ciki, fuskarta shuɗiya kawai. Na goge na farkon daga wayata da tasa. Laifin daga takarda ya faro: a gefen hagu na rubuta "waya ta kawo haske", ban rubuta wayar wa ba, ban rubuta me zai bayyana a kanta ba. Abin da rubutu bai fayyace ba, ranar ɗauka duk abin da ke kusa da hannu shi zai cike gurbin. Tun daga nan na koma kan kowace fitowa na ƙara layi na uku a ƙarƙashinta, na kayan da za a yi amfani da su da na wanda ya mallake su. Da na sake duba sauran hotunan da wannan idon, sai ga takardar da Yaya ke manna wa wayoyin mutane da suna da lamba tana leƙowa a gefen tebur a fitowa ta uku. Ita ma muka yanke ta.

Ranar Juma'a ya sa kwafin maza, Asabar na mata, ni da ƙawayena muka taya shi yaɗawa. Ba zan ce kasuwa ta buɗe dare ɗaya ba, kuma ba shi da littafin da zai nuna wane ne ya zo saboda talla. Abin da ya iya gaya mini shi ne, a mako na biyu wata mata ta shigo da ƙanwarta, ko gaisuwa ba su gama ba ta ce, "Ina bencin da aka ce a zauna?" Bencin mutum biyu yake ɗauka, sai da ya sayo kujerun roba guda biyu.

Akwai kuma wanda ya zo da wayar da ta faɗa bokitin wanki, ya zauna daram ya ce shi ba inda za shi, ai an ce a gabansa za a gyara. Yaya ya yi ta bayani cewa tallar gilashi da batir da bakin caji ta ce. Mutumin ya ce shi dai abin da ya ji ke nan, kuma sau biyu aka faɗa. Ba ƙarya ya yi ba. Jimlar da aka maimaita ita ta zauna masa, sharaɗin da ke tsakiya ya wuce. Murya ba ta da sauran wuri, don haka a hutun ƙarshen makon nan zan ƙara ɗan layi a rubuce a fitowa ta shida, ƙarƙashin sunan shagon: "Wadda ta sha ruwa sai ta kwana." Yaya ya ce in sa shi da ja.